Madubin karant na 1 mA yana ba ni 1.29 mA, ina matsalar take?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana. Ina haɗa da'irar da za ta riƙa sauke cajin kafasita a miƙe, daga 8 V zuwa 2 V, saboda haka ina buƙatar karant tsayayye na 1 mA. Na haɗa madubin karant na taransista biyu, duka 2N3904, a kan allon gwaji. Na haɗe bes da kolekta na Q1, na sa rizista 11.3 kΩ daga 12 V zuwa nan, bes ɗin Q2 yana tare da na Q1, emita duka biyu suna giraun. Na auna karant ɗin da ke bi ta rizistan, 1.00 mA ne. Amma a kolektan Q2 labari ya sha bamban. In na riƙe shi a 2 V ina samun 1.06 mA, in na kai shi 8 V sai ya koma 1.29 mA. Ni dai abin da aka koya mana shi ne abin da zai fito ya ɗan gaza abin da ya shiga saboda karant ɗin bes. Nawa kuwa wucewa yake yi, kuma ba da kaɗan ba. Me ke faruwa?

Garba mai gyara: Wa alaikumus salam. Taransistocinka jabu ne, ɗan'uwa. Ga lissafin a fili: boltej ya ƙaru da 6 V, karant ya ƙaru da 0.23 mA. Raba ka gani, turjiyar fita 26 kΩ ke nan. Wato boltej ɗin Early bai wuce 27 V ba. Taransista mai kyau irin wannan ya kamata ya kai 70 ko 100. Canza su ka huta.

Nafisa: Malam Garba, ban jin za a yanke musu hukunci da wuri haka. Takardar bayanan 2N3904 ta ba da hoe tsakanin 1 da 40 µS a 1 mA da 10 V. In ka juya 40 µS, 25 kΩ za ka samu. Ke nan ko da 26 kΩ ɗin gaskiya ne, bai fita daga abin da masu ƙera shi suka yi alkawari ba. Yana bakin iyaka dai, amma yana ciki.

Garba mai gyara: A takarda ne yake ciki. A hannu ban taɓa cin karo da na gaske da ya lalace haka ba.

Injiniya Hadiza: Ku dakata da zancen jabu tukuna. Auwalu, bari mu fara lissafa abin da ya kamata da'irarka ta bayar in komai lafiya yake, sannan mu ga nawa ne ya rage da ba mu san asalinsa ba.

Abin da aka koya maka game da bes gaskiya ne, sai dai rabin labarin ne. Karant ɗin da ya sauko ta rizista ba duka yake shiga kolektan Q1 ba. Dole ya ciyar da bes biyu a hanya, na Q1 da na Q2. In β ɗari ne, kowane bes yana ɗaukar kashi 1 cikin ɗari na karant ɗin kolekta, su biyu kashi 2. Q2 kuwa abin da ke kolektan Q1 yake kwafa, ba abin da ke rizista ba. Saboda haka daga 1.00 mA za ka sauka zuwa 0.98 mA. Wannan kuskuren kullum ƙasa yake ja, kuma babu ruwansa da boltej ɗin da ke kan kolektan Q2.

Ɗaya rabin shi ne taransistocin biyu ba a yanayi ɗaya suke aiki ba. Kolektan Q1 yana ɗaure da bes ɗinsa, ba zai motsa daga wajen 0.65 V ba. Na Q2 kuwa kai ne kake kai shi inda ka ga dama. In boltej ɗin kolekta ya hau, yankin da ba caji a mahaɗar kolekta da bes yana faɗaɗa ya ci cikin bes, bes ɗin ya ƙara siranta, karant ya ƙaru alhali VBE bai canza ba. James Early ne ya bayyana wannan a 1952, shi ya sa ake kiran VA da sunansa. Wannan kuskuren sama yake ja muddin kolektan Q2 ya fi na Q1 tsawo. In ka haɗa su biyun:

```
Iout = Iref * (1 + (Vce2 - Vce1)/VA) / (1 + 2/β)
kuskure ≈ (Vce2 - Vce1)/VA - 2/β
```

Mu ɗauki β = 100 da VA = 80 V. A 8 V, bambancin kolekta biyun 7.35 V ne. Raba da 80, ka samu kashi 9.2 cikin ɗari sama. Cire kashi 2 na bes, saura wajen kashi 7. Wato 1.07 mA. A 2 V kuwa bambancin 1.35 V ne kawai, kashi 1.7 sama, kashi 2 ƙasa, sai ka samu 0.997 mA. Ka ga ashe wucewar da karant ɗinka ya yi ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne me ya kai shi 1.29 maimakon 1.07.

Ina da tambaya ɗaya. Lokacin da ka ɗaga boltej daga 2 V zuwa 8 V, mitar tsalle ta yi ta tsaya a 1.29, ko kuwa a hankali ta riƙa hawa?

Kabiru: Kafin ya amsa, ni na taɓa haɗa irin wannan da'irar sak don bai wa wata amfilifaya karant, kuma abin da ya shiga shi ne ya fito, ko ɗigo bai bambanta ba. Shi ya sa nake ganin lissafin nan na littafi ne kawai, a aikace madubi ba ya wannan kuskuren in an haɗa shi da kyau.

Nafisa: Yaya Kabiru, kolektan naka a boltej nawa yake zaune?

Kabiru: Biyu da ɗan wani abu, ina jin 2.3 V.

Nafisa: To ai lissafin Injiniya ne ya bayyana naka ma. Sa kuskuren ya zama sifiri ka nemo boltej ɗin: kashi 2 cikin ɗari na 80 V shi ne 1.6 V, ƙara 0.65, ka samu 2.25 V. A daidai nan kuskuren Early da na bes suke cinye juna. Kowannensu yana nan daram, gabas da yamma suka ja da ƙarfi ɗaya. Da ka matsar da kolektan zuwa 8 V da ka ga abin da Auwalu yake gani.

Kabiru: Amma dai ya yi aiki, kuma har yau yana yi. In mutum ya san boltej ɗin da zai zauna a kai, me zai hana ya zaɓi wurin da suke cinye juna da gangan?

Injiniya Hadiza: Ba abin da zai hana a da'ira ɗaya da ke kan teburinka, Malam Kabiru. Matsalar ita ce wurin ba ya zama. Wurin shi ne 2 × VA/β sama da VBE, kuma β ba abin dogaro ba ne. Takardar 2N3904 a 1 mA ba ta yi alkawarin fiye da 70 ba, na hannunka kuma zai iya zama 250. In 250 ne, wurin ya dawo wajen 1.3 V. In 70 ne, ya tafi kusan 2.9 V. Ga shi β yana ƙaruwa da zafi. Sannan shi Auwalu kolektansa yawo yake yi daga 8 V zuwa 2 V, ba shi da wurin zama ɗaya da zai zaɓa.

Auwalu: Injiniya, na koma na sake gwadawa ina kallon mitar. A hankali take hawa. Da na murɗa zuwa 8 V ta nuna wajen 1.11 ko 1.12, daga nan ta riƙa tafiya sannu a hankali har ta tsaya a 1.29 bayan kamar minti ɗaya. Da na dawo 2 V kuma ta faɗi nan take, sannan ta ci gaba da zamewa ƙasa har 1.06. Na kuma lura da wani abu: in na taɓa Q2 da yatsa karant ɗin sama yake yi, in na taɓa Q1 ƙasa yake yi.

Injiniya Hadiza: Madalla, ka kawo mana abin da muke nema. Tasirin Early ba ya jira, da boltej ya canza karant ya canza. Duk abin da ke rarrafe na tsawon daƙiƙoƙi zafi ne.

Mu lissafa. A 8 V, Q2 yana ƙona wajen 9 mW da farko, Q1 kuwa 0.65 mW kawai. Wannan ƙaramin jikin roba na TO-92 yana hawa wajen digiri 200 a kan kowane wat in yana tsaye a iska shi kaɗai. To 9 mW ya ba ka digiri 1.8, Q1 kuma bai kai 0.2 ba. Mutum zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne, yatsa ma ba zai ji ba. Amma VBE da taransista yake buƙata don wani karant yana raguwa da wajen 2 mV a kowane digiri, kuma a madubi Q1 ne yake tsayar da VBE, Q2 ba shi da ta cewa. In Q2 ya yi ɗumi yana buƙatar ƙasa da abin da ake ba shi, rarar sai ta koma karant. Kowane 1 mV na rara yana ƙara kusan kashi 4 cikin ɗari, tunda 26 mV ake rabawa da shi. Ke nan kowane digiri ɗaya kusan kashi 8 ne. Ƙarin karant kuma ƙarin zafi ne, shi ya sa ka ga yana ta hawa kafin ya tsaya. A 1.29 mA yana ƙona fiye da 10 mW, bambancin zafin ya kusa digiri 2, wato wajen kashi 16 a kan 1.11. Ninka ka gani, 1.29 ne.

Malam Garba, lissafinka na 26 kΩ daidai ne a kan lambobin da aka ba ka, amma lambobin sun haɗa Early da zafi a wuri guda. In muka cire zafin daga lambobin, wajen 1.04 a 2 V da 1.11 a 8 V, turjiyar tana fitowa wajen 80 kΩ. Taransistocin lafiyarsu lau.

Garba mai gyara: To na ji na zafi. Amma har yanzu akwai saura. Kin ce 1.07 lissafi ya bayar, shi kuma 1.11 ya gani tun kafin zafi. Ina kashi 4 ɗin ya fito?

Injiniya Hadiza: Tambaya mai kyau. Zatona rashin daidaiton taransistocin ne, amma kada mu tsaya a zato, akwai gwajin da zai raba mana. Auwalu, saukar da kolektan Q2 zuwa 0.65 V, daidai da na Q1. A nan Early ya fita daga lissafi tunda bambancin sifiri ne, zafi ma ya fita tunda abu ɗaya suke ƙonawa. Abin da ya rage shi ne bes da rashin daidaito. Rubuta abin da ka gani. Sannan ka cire taransistocin ka musanya musu wuri, ka bar su su huce daga ɗumin hannunka na minti biyu ko uku, ka sake aunawa. Rashin daidaito zai juya fuska in ka musanya, kuskuren bes kuwa ba zai juya ba.

Sadiq: Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. In karant tsayayye yake so don kunna fitila, ai akwai LM317, rizista ɗaya ka sa masa shi ke nan. Ni da shi nake kunna nawa a 350 mA kuma ba ya motsi.

Nafisa: Ba fitila ba ce, Malam Sadiq, kafasita yake saukewa a 1 mA. LM317 yana buƙatar miliamfiya da dama su riƙa bi ta cikinsa kafin ya daidaita, 1 mA ya yi masa kaɗan. Ga karant ɗin ƙafar ADJ da ke wajen 50 µA, wanda shi kaɗai kashi 5 cikin ɗari ne na abin da Auwalu yake nema. Kuma yana cin wajen 3 V kafin ya fara aiki, shi kuwa yana so ya sauka har 2 V.

Auwalu: Na yi gwajin. A 0.65 V na samu 1.02 mA. Da na musanya su na samu 0.94 mA.

Injiniya Hadiza: Ga amsarka, Malam Garba. Tsakiyar 1.02 da 0.94 shi ne 0.98, wato kashi 2 na bes, wanda ya nuna β ɗinsu yana wajen ɗari kamar yadda muka ɗauka. Tazarar kashi 4 sama da ƙasa kuma ita ce rashin daidaito, wajen 1 mV a VBE. Auwalu ya ma yi sa'a, don taransistoci biyu da aka ɗebo haka kawai suna iya bambanta da milibolt da yawa. Yanzu komai ya fito a 8 V: bes ya cire kashi 2, Early ya ƙara 9, rashin daidaito ya ƙara 4, zafi ya ƙara wajen 16 a kan jimlar.

In kana so ka ga biyun farko su kaɗai, ga abin da za ka sa a SPICE:

```
* madubin karant
V1 vcc 0 12
R1 vcc b 11.3k
Q1 b b 0 QN
Q2 out b 0 QN
V2 out 0 8
.model QN NPN(IS=1e-14 BF=100 VAF=80)
.dc V2 0.3 10 0.1
.end
```

Zai zana maka miƙaƙƙen layi mai ɗan hawa, ya ratsa 1.07 mA a 8 V. Ba zai taɓa nuna maka 1.29 ba, domin a wajensa taransistocin tagwaye ne kuma ba sa ɗumama kansu.

Kabiru: Shi ya sa ni yanzu na koma MOSFET. Ba bes, ba karant ɗin bes, ba 2/β. Matsala ta ƙare.

Nafisa: Kashi 2 ɗin ne ya ƙare, Yaya, wanda dama shi ne mafi ƙanƙanta a jerin. Shi ma MOSFET karant ɗinsa yana hawa da boltej ɗin diren, λ ne kawai ake rubutawa a madadin 1/VA. Kuma in guda-guda ka ɗebo irin 2N7000, boltej ɗin da suke fara buɗewa yana iya kamawa daga 0.8 V har 3 V a takardarsu. A 1 mA biyu daga cikinsu za su iya bambanta ninki-ba-ninki. A cikin cif ɗaya ne madubin MOSFET yake da daɗi, inda aka ƙera su gefe da gefe.

Auwalu: To yanzu mene ne mafita? Na karanta cewa madubin Wilson yana gyara komai. In ƙara taransista na uku?

Injiniya Hadiza: Kafin ka ƙara komai, tambayi kanka wane kuskure ne yake cutar da aikinka. Kai miƙaƙƙen layi kake so a kan kafasita. Kuskuren bes ba ya lanƙwasa layi. In karant ɗin 0.98 ne daga farko har ƙarshe, layinka a miƙe yake, gangarensa ne kawai ya ragu da kashi 2, kuma wannan rizistan Iref zai gyara shi. Abin da ke lanƙwasa layi shi ne karant ɗin da ke canzawa yayin da boltej ɗin kafasita yake sauka, wato Early, da zafi in saukar tana da jinkiri. Saboda haka ƙarancin turjiyar fita ne abokin gabarka.

Mafi sauƙin magani rizista biyu ne, 470 Ω a ƙarƙashin kowane emita. A 1 mA kowanne zai riƙe 0.47 V. In karant ɗin Q2 ya yi yunƙurin hawa, boltej ɗin emitansa ya hau, VBE ɗinsa ya ragu, ya ja kansa baya. Yanzu milibolt ɗaya na rashin daidaito ba da 26 Ω na cikin taransista kaɗai ake raba shi ba, da 496 Ω ne. Wato 2 µA, kashi 0.2 maimakon 4. Zafin ma haka: wajen 3 mV a kan 496 Ω, kashi 0.6 maimakon 16.

Garba mai gyara: Turjiyar fita kuma ta ninka da 1 + gm × RE. 470 a raba da 26 sha takwas ne, ƙara ɗaya sha tara. Sha tara sau 80 kΩ, 1.5 MΩ ke nan.

Injiniya Hadiza: Ka kusa, Malam Garba, amma wannan ƙa'idar tana ɗauka cewa β ba shi da iyaka kuma bes ɗin Q2 a kafe yake. A nan bes ɗin yana kallon wajen 475 Ω, wato Q1 da rizistansa a gefe da rizistan sama, kuma rπ ɗinsa 2.6 kΩ ne kawai. Cikakken lissafin shi ne:

```
Rout ≈ ro * (1 + β*RE / (rπ + RB + RE))
     = 80k * (1 + 47000/3545) ≈ 1.14 MΩ
```

Ninki sha huɗu ke nan, ba sha tara ba. Kuma ka lura da abin da ƙa'idar ke faɗa: ko ka ƙara RE yaya, ninkin ba zai wuce wajen β ba. Karant ɗin bes ne ya sake dawowa ta bayan gida, shi ne yake sa wa turjiyar fita rufi.

Ga Auwalu dai 1.14 MΩ ya wadatar, ina tsammani. Daga 8 V zuwa 2 V karant zai canza da wajen 5 µA, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, maimakon kashi 7 na da. Abin da za ka biya shi ne kolektan Q2 ba zai iya sauka ƙasa da wajen 0.8 V ba kafin taransistan ya cika ya daina aikin madubi, amma kai a 2 V kake tsayawa. Sai ka rage rizistan sama, tunda yanzu 1.12 V ake cirewa daga 12 V. 10.88 kΩ lissafi ya bayar don Iref na 1 mA. In kana so ka rama kashi 2 na bes, sauka wajen 10.7 kΩ. Kuma ka sani daga yanzu daidaiton madubin ya koma hannun rizistocin 470 Ω ɗin. In na kashi 5 ka sa, ka kori kuskure ta ƙofa ya shigo ta taga. Nemi na kashi 1, ka auna su da mita ka zaɓi biyu da suka fi kusa.

Malam Bala: Na daɗe ina bin zancen nan, kuma ban yarda a ajiye Wilson a gefe haka ba. Injiniya, kin ce kuskuren bes a gyara shi da rizista. A yau kam zai gyaru. Amma β yana tafiya da zafin ɗaki, kuma ranar da aka canza taransista an sake sabon lissafi. Kuskuren da ke tsakanin kashi 0.7 da 2.8, gwargwadon abin da hannunka ya ɗauko, ba abin da zan kira tsayayye ba ne. George Wilson ya fito da da'irarsa a 1967 yana aiki a Tektronix, kuma da taransista ɗaya tak da ya ƙara kuskuren bes ya koma wajen 2/β², wato kashi 0.02 in β ɗari ne. Turjiyar fita ta koma β × ro/2, wajen 4 MΩ da lambobinmu. Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma, taransistoci biyun da ke yin kwafin duka suna zaune a ƙaramin boltej, na ukun ne yake shan zafin, kuma zafinsa bai shiga kwafin kai tsaye ba.

Injiniya Hadiza: Duk abin da ka faɗa haka yake, Malam Bala. Sai dai a faɗa wa Auwalu sauran. Wannan 2/β² yana fitowa ne in β na ukun ɗaya ne, domin soke juna karant ɗin bes suke yi. Da taransistoci guda-guda, ɗaya 100 ɗaya 200, sokewar ba za ta cika ba. Na biyu, a Wilson mai taransista uku ɗaya daga cikin masu kwafin yana kan VBE biyu, ɗayan yana kan VBE ɗaya. Bambancin 0.65 V a kan 80 V kashi 0.8 ne ƙasa, ya ninka 0.02 ɗin sau arba'in, sai an sa na huɗu a matsayin dayod kafin ya tafi. Na uku, 1 mV ɗin da muka auna yana nan da kashi 4 ɗinsa, Wilson bai taɓa shi ba. Dole dai ka dawo ga rizistocin emita, ko ka nemi tagwaye a jiki ɗaya irin BCM847.

Malam Bala: To a haɗa duka mana, Wilson mai huɗu da rizistocin emita. Har yanzu ƙasa da 2 V zai iya sauka, wajen 1.4 V ko sama kaɗan.

Injiniya Hadiza: Zai yi, kuma in ana ƙera ɗaruruwa ba tare da mai saita kowanne ba, ina bayanka. Don da'ira ɗaya ina ganin ya yi yawa. Ratar da ta rage masa tsakanin 2 V da inda madubin zai durƙushe ta ragu sosai, kuma Wilson yana da zagayen martani a cikinsa wanda kan yi ƙara a allon gwaji mai dogayen wayoyi.

Malam Bala: A 1 mA da kafasita a kan fita ban ga abin da zai sa ya yi ƙara ba. Mu bar shi a nan, kowa da abin da ya saba.

Nafisa: Ni ina da tawa tambayar, tunda ana zancen bes. Ina so in ciro fita huɗu daga Iref ɗaya. Kuskuren yana nan a kashi 2?

Malam Bala: A'a, ƙanwata. Yanzu bes biyar ne suke ci daga Iref, huɗu naki da na Q1. Kuskuren ya koma 5/β, kusan kashi 5 in β ɗari ne. A irin naki ne taransistan taimako yake da amfani: ki cire wayar da ta haɗa kolekta da bes na Q1, ki sa wani taransista a wurin, bes ɗinsa a kolektan Q1, emitansa a layin bes, kolektansa a wutar sama. Shi zai ciyar da su duka, Iref kuma nasa bes ɗin kawai zai biya, an raba kuskuren da β + 1. Amma ki kula, in ɗaya daga cikin fitar huɗun ta cika, ko aka bar kolektanta ba a haɗe ba, bes ɗinta zai zuƙi karant mai yawa. Ba tare da mataimakin ba sauran ukun duka za su faɗi.

Auwalu: Na sa 470 Ω biyu da na zaɓa da mita, na canza na sama zuwa 10.7 kΩ. Yanzu ina samun 0.998 mA a 2 V, sannan 1.003 mA da zarar na kai 8 V, ya ɗan rarrafa ya tsaya a 1.008. Yatsa ma yanzu da ƙyar yake motsa shi. Abin da ban sani ba shi ne wanne zan ɗauka a lissafin lanƙwasar layin, 1.003 ko 1.008? Saukar kafasitan milisakan 6 ce kawai, tunda 1 µF ne.

Injiniya Hadiza: Ya fi kusa da 1.003. Jikin robar ba zai iya bin abin da ke faruwa cikin milisakan 6 ba, matsakaicin zafin kawai zai gani, wannan kuma matsar da karant ɗin gaba ɗaya yake yi ba lanƙwasa shi ba. Amma ƙwayar silikon ɗin da ke ciki ƙarama ce ƙwarai, tana ɗumama da sauri fiye da jikin, saboda haka wani ɓangare na zafin zai bi saukar, kuma mitar hannu ba ta da saurin da za ta raba maka su. Sa osiloskof a kan rizistan emitan Q2 yayin da da'irar take aiki. Canjin 5 µA a kan 470 Ω wajen 2.4 mV ne daga farkon saukar zuwa ƙarshenta. In abin da ka gani ya kusa haka, Early ne kaɗai. In ya doshi 4 mV, zafin ƙwayar ya shigo ciki.

Garba mai gyara: Sai dai ya gajarta wayar giraun ɗin furob ɗin ƙwarai, ya kuma sa osiloskof ɗin ya riƙa ɗaukar matsakaici, in ba haka ba hayaniyar allon gwaji za ta fi 2.4 mV ɗin. Sannan wane irin kafasita ne, Auwalu? In seramik ne irin X7R, ƙimarsa tana raguwa in boltej ya hau, zai lanƙwasa maka layin fiye da duk abin da ya rage a madubin.

Auwalu: Seramik ne kuwa, Malam Garba. Zan nemo na fim in musanya, sannan in yi awon emitan in kawo muku abin da na gani.